Jan yatsa ko dannawa: yadda za ka gano wanda ya fi maka sauri a rubutun Hausa a waya

Hanya biyu ce ake rubutu a kibod ɗin waya. Ko dai ka riƙa danna harafi ɗaya bayan ɗaya, ko kuma ka ɗora yatsa a kan harafin farko na kalma, ka ja shi ta kan sauran haruffan ba tare da ka ɗaga ba, sai ka kai na ƙarshe ka ɗaga, wayar ta rubuta kalmar. Masu jan yatsa sukan ce babu abin da ya kai shi sauri, masu dannawa kuma su ce ɓata lokaci ne. Kowanne yana da gaskiyarsa, domin abin ya dogara ga irin kalmomin da kake rubutawa, da harshen da kake rubutu da shi, da yadda ka riƙe wayar. Ga mai rubutun Hausa kuwa akwai abubuwan da suka keɓanta da harshenmu, waɗanda idan ka gane su za ka san inda ja yake biya da inda yake jawo asara.

Abin da wayar take yi idan ka ja yatsa

Idan kana dannawa, kai ne kake zaɓen kowane harafi. Idan kana ja, layi kawai kake zanawa, wayar kuma ta ɗauki siffar layin ta gwada ta da siffofin kalmomin da ke cikin ƙamus ɗinta, ta duba kalmar da ta gabata, sannan ta zaɓi wadda ta fi dacewa. Wato canka take yi, sai dai canka ce mai lissafi. Shumin Zhai da Per Ola Kristensson ne suka fara gina wannan dabara a ɗakin binciken kamfanin IBM a farkon shekarun 2000. Manhajar Swype ta yaɗa ta a wayoyi daga 2009, Google ya saka ta a kibod ɗin Android a 2012, Apple kuma sai a 2019 ya kawo tasa.

Abu biyu ne suke fitowa daga nan, kuma duk sauran bayanin a kansu ya tsaya. Kalmar da ba ta cikin ƙamus ɗin kibod ba za ta fito da ja ba, komai kyawun zanenka. Kalmomi biyu kuma da layinsu ya yi kama za su riƙa shiga wa juna.

Mataki na farko: shirya kibod

Zan yi bayani da Gboard, wato kibod ɗin Google, tunda shi ne ya fi yawa a wayoyin Android da ke hannun mutane. Buɗe duk inda ake rubutu, taɓa alamar saiti da ke saman kibod, ka shiga Languages, sannan Add keyboard, ka nemo Hausa ka ƙara ta. Koma baya ka shiga Glide typing ka kunna Enable glide typing. A nan ɗin ka kunna Show gesture trail, wanda a sabon Gboard ake kira Glide trail, domin ka riƙa ganin layin da yatsanka yake bari, wanda shi ne zai nuna maka inda kake kaucewa. Ka kunna Enable gesture delete da Enable gesture cursor control su ma, ko Glide delete da Glide cursor control a sabon Gboard, za mu buƙace su wajen gyara. Mai kibod ɗin Samsung zai nemi Swipe to type a saitinsa, mai SwiftKey kuma Flow ake ce da nasa. A iPhone hanyar ita ce Settings, General, Keyboard, sai Slide to Type, amma yana aiki ne da harsunan da Apple ya tanadar masa kawai.

Yanzu ka tabbatar kibod yana kan Hausa, sunan harshen yana bayyana a kan dogon maɓallin tazara. Ja kalma uku da kowa ya sani: lafiya, kasuwa, makaranta. Idan sun fito daidai, ƙamus na Hausa yana aiki. Idan kalmomin Turanci ne suke fitowa, ko ba abin da ya fito, to ko dai kana kan wani harshe ne, ko ƙamus ɗin bai gama sauka ba, sai ka buɗe data na ɗan lokaci ka sake gwadawa. Kada ka wuce wannan mataki, domin mutane da yawa da suka ce ja ba ya aiki da Hausa a kan kibod ɗin Turanci suka gwada shi.

Akwai kuma zaɓin Multilingual typing a saitin kowane harshe, wanda yake haɗa harsuna biyu a kibod ɗaya. Yana da amfani ga mai cakuɗa Hausa da Turanci, amma yana ninka kalmomin da za su yi takara a kan layi ɗaya. Misali, b da n maƙwabta ne, saboda haka gobe tana iya komawa gone idan yatsa ya ɗan karkata. Ka kashe shi a lokacin gwaji.

Mataki na biyu: koyi zanen kansa

Fara a tsakiyar harafin farko, ka ƙare a tsakiyar na ƙarshe. Waɗannan wurare biyu su ne suka fi nauyi a lissafin wayar, na tsakiya kuwa ya isa ka ratsa kusa da su. Inda layi zai juya, ka juya sosai yadda kwanar za ta fito, kada ka zagaye ta. Ba ka buƙatar danna tazara, da ka fara kalma ta gaba wayar za ta saka da kanta. Kada ka yi sanyin jiki kana tsayawa a kan kowane harafi, domin tsayawa a inda ba harafin kalmar ba tana sa wayar ta ɗauka kana son sa. Tafiya ɗaya mai santsi, ba gudu ba rarrafe ba, ita ce ta fi fitar da kalma.

Idan kalma ta fito ba daidai ba, kada hannunka ya fara zuwa maɓallin gogewa. Duba layin shawarwari da ke saman kibod tukuna, sau da yawa wadda kake nufi tana nan a gefe, taɓawa ɗaya ta isa. Idan ba ta nan, danna gogewa sau ɗaya, zai share kalmar gaba ɗayanta. Sake ja sau ɗaya kawai. Idan ta sake kuskurewa, danna ta harafi-harafi ka wuce. Wanda ya nace yana jan kalma ɗaya sau huɗu ya riga ya cinye duk lokacin da ya tara a jimlar.

Mataki na uku: san wuraren da Hausa take rikita layi

Nan ne ya kamata ka daɗe, ka ajiye kibod a gabanka kana dubawa. A tsarin QWERTY, wato wanda jerensa na sama ya fara da q, w, e, r, t, y, jeren tsakiya shi ne a, s, d, f, g, h, j, k, l. Ka lura da yawan ƙananan kalmominmu da suke zaune a wannan jere kaɗai: sa, da, fa, ga, ja, ka. Dukkansu miƙaƙƙen layi ne zuwa hagu wanda yake ƙarewa a kan a, bambancinsu kawai inda aka fara. Kaucewar rabin faɗin yatsa ta isa ta mai da da zuwa fa ko sa. Haka kasa, kada da kafa: daga k ka tafi a, ka dawo dama kaɗan, ka koma a. Idan ka dawo taki ɗaya kasa ce, taki biyu kada, taki uku kafa. Babu kwana, babu hawa ko sauka da zai taimaki wayar ta bambance.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne na wakilan suna da kalmar korewa. Harafin t yana jikin y, don haka ya zo da ta zo ɗan taki ne tsakaninsu. U, i da o suna jere, ga ku, ki da ko. A jeren ƙasa b, n da m suna manne da juna, ga ba, na da ma. Ka aika wa mai shago na biya, wayar ta rubuta ba biya, kuma babu jan layi da zai fito ƙarƙashinta, domin kowacce kalma ce ta gaskiya. Wannan shi ne babban bambancin kuskuren ja da na dannawa. Kuskuren dannawa yakan bar kalma gurguwa wadda ido yake kamawa nan take, mai karatu ma ya gane abin da ake nufi. Kuskuren ja yana kawo lafiyayyar kalma wadda ba ita ake nufi ba, ta zauna daram a cikin jimla ta juya ma'ana.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Idan a kibod ɗinka ana samun ƙ, ɗ da ɓ ne ta hanyar danne k, d da b na ɗan lokaci, to kafa da ƙafa layi ɗaya ne sak, haka fada da faɗa, bata da ɓata, baki da baƙi. Wayar za ta zaɓi wadda ta fi yawa a ƙamus ɗinta ko wadda ka fi amfani da ita, ɗayar kuma sai ka ɗauko ta a layin shawarwari. Idan kuwa tsarin da ka zaɓa ya ba su maɓallansu daban, sai ka koya wa yatsanka inda suke, wannan matsala ta ragu ƙwarai.

Harafi mai ninki ma haka yake. Layi ba ya nuna cewa ka taka harafi sau biyu, saboda haka baba da babba siffarsu ɗaya, daba da dabba, kala da kalla. Kula da ƙulla sun haɗa matsalolin biyu a wuri guda. Ɗan jinkiri ko ɗan murza yatsa a kan harafin yakan karkato da wayar zuwa mai ninkin, amma kada ka dogara da shi ba tare da ka duba ba. Alamar ɗauri ita ma ba ta shiga layi: mana da ma'ana hanya ɗaya suke bi.

Ga masu waya da tsarin AZERTY na Faransanci, kamar yadda ya yawaita a Nijar, a tana saman hagu, m kuma ta koma ƙarshen jeren tsakiya. Wannan ya raba ma da na, amma ya da ta suna nan maƙwabta, haka ba da na.

Inda ja yake haskawa shi ne dogayen kalmomi na yau da kullum. Asibiti, gwamnati, tambaya, gaisuwa, alhamdulillahi, kowacce tana da kwanoni da yawa da suka sa siffarta ba ta kama da ta kowa, ko ka yi zanen a karkace za ta fito. Sai dai ka lura da ɗafe-ɗafen da muke yi a ƙarshen kalma. Ƙamus yana iya sanin makaranta amma bai san makarantarmu ba, sai ya ba ka mafi kusa. Idan ka ja gundarin kalmar da niyyar ƙara ɗafin da dannawa, wayar takan saka tazara a tsakani, sai ka koma gyara. Irin waɗannan gara ka danna su cikakku sau da yawa har kibod ya koye su.

Mataki na huɗu: gwada kanka da agogo

Kafin gwaji, ka yi kwana uku ko huɗu kana amfani da ja a hirarka ta yau da kullum. Shekaru ka yi kana dannawa, ba adalci ba ne ka gwada shi da abin da ka fara yau. Sannan ka rubuta saƙo biyu a takarda. Na farko mai dogayen kalmomi sanannu:

Barka da safiya. Gobe zan tafi kasuwa da asuba, idan na dawo zan kawo maka kayan makaranta.

Na biyu mai gajerun kalmomi da lambobi da haruffa masu lanƙwasa:

Ba ta zo ba. Ka faɗa wa Baba ya tura 4,500 kafin ƙarfe 2, ba na son a ɓata lokaci.

Karanta kowanne har ka haddace shi, domin kada lokacin duba takarda ya shiga lissafi. Ka sa wani ya riƙe maka agogo a tasa wayar. Rubuta kowane saƙo sau biyar da dannawar manyan yatsu biyu, sau biyar da ja, kana sauyawa tsakaninsu, ba ka gama ɗaya sannan ka shiga ɗaya ba, don kada na biyun ya ci ribar sabo. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne agogo ba ya tsayawa sai saƙon ya zama daidai harafi da harafi, har da lanƙwasa. Saurin da ba a haɗa shi da lokacin gyara ba, ba sauri ba ne. A kowane zagaye ka rubuta daƙiƙoƙin da ka ci da yawan kalmomin da ka gyara. Idan ka gama, jera sakamako biyar ɗin daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, domin zagaye ɗaya da ya lalace kada ya ɓata hoton.

Masu bincike suna ƙirga kowane harafi biyar, har da tazara da alamomi, a matsayin kalma ɗaya. Lissafin shi ne:

```
kalmomi a minti = (haruffa / 5) x (60 / daƙiƙoƙi)
```

Saƙon farko yana da haruffa 91, wato kalma 18 da ɗan ɗori. A ce na tsakiyarka da dannawa daƙiƙa 36 ne, to kana kusan kalma 30 a minti. A ce da ja daƙiƙa 31 ne, kana kusan 35, ja ya ci wannan zagaye. A saƙo na biyu kuma ka lura da abin da zai faru. Lambobin dole ka danna su. Ba, ta, ya, na da wa duk suna cikin masu rikici, faɗa da ɓata suna buƙatar ka duba layin shawarwari, Baba yana iya zama babba. Kowane gyara yana cin daƙiƙa biyu ko uku, don haka gyara uku kawai sun isa su share ribar daƙiƙa biyar irin wadda ka samu a saƙon farko.

Don ka san inda kake, a 2019 masu bincike daga jami'o'in Aalto, Cambridge da ETH Zürich sun fitar da sakamakon gwajin da mutum fiye da 37,000 suka yi a wayoyinsu. Matsakaicin sauri ya kai kusan kalma 36 a minti, masu manyan yatsu biyu kuma kusan 38, kuma masu jan yatsa ba su fi sauran sauri ba a wannan taro. Da Turanci aka yi gwajin, kuma masu sa kai ne suka shiga, saboda haka ma'auni ne na kwatance kawai. Abin da ya fito a agogonka da saƙonninka shi ne naka.

Dalilin da yatsu biyu suke da wuyar kayarwa a fili yake. Yayin da ɗaya yake dannawa, ɗayan ya riga ya kama hanyar harafi na gaba, kamar mata biyu da suke daka a turmi ɗaya. Hausa kuma ta dace da wannan, domin gaɓoɓinmu baƙi ne da wasali, kuma a, wadda ta fi kowane wasali yawa a rubutunmu, tana ƙarshen hagu. A kalma irin makama ko hankali, babban yatsan hagu yana zaune kusa da a, na dama yana kawo m, k, h, n, l. Mai ja kuwa da yatsa ɗaya zai riƙa zirga-zirga daga dama zuwa ƙarshen hagu a kusan kowace gaɓa. Amma idan abin da ka saba shi ne dannawa da yatsa ɗaya, to ja yana da babbar damar ya fi shi, domin ya ɗauke maka ɗagawa da saukewa da danna tazara.

Mataki na biyar: jin daɗin hannu

Sauri ba shi kaɗai ake dubawa ba. Bayan gwajin, yi rubutu na minti goma da kowace hanya, ka saurari gindin babban yatsanka da wuyan hannunka. Dannawa tana sa gaɓar yatsa ta lanƙwashe ta miƙe sau ɗaruruwa, ja kuma yana rage wannan amma yana ƙara miƙa yatsa zuwa nesa. Idan kana riƙe da babbar waya a hannun dama kana ja da babban yatsa, kaiwa ga a sau da yawa zai gajiyar da kai da wuri. Maganinsa One-handed mode, wanda yake cikin Preferences a Gboard: yana tsuke kibod ya matso da shi gefen hannunka. Maɓallan za su ƙanƙance, wanda yake cutar da dannawa, amma ja bai cika damuwa ba tunda siffa yake bi. Hanyar da ta fi sauƙi ga dogon rubutu da ja ita ce ka riƙe waya da hannu ɗaya, ka zana da manuniyar ɗayan. Idan kuwa ciwo ko sanƙarewa ya ƙi tafiya bayan hutu, a je a ga likita, sauya kibod ba zai wadatar ba.

Fuskar wayar ma tana da hannu a ciki. Ja yana buƙatar yatsa ya zame ba yankewa. Gumi ko maiƙo suna sa ya riƙa kamewa, ɗigon ruwa yana rikita wayar ta ga taɓawa inda babu, tsagaggen gilashin kariya kuma yana yanke layi biyu, sai kalma ɗaya ta fito gida biyu. Za ka gane haka idan ka ga layin da yake bin yatsanka yana tsinkewa a wuri ɗaya kullum. Goge fuskar da busasshen ƙyalle, idan kuma tsaga ce, a sauya gilashin. A tsohuwar waya mai nauyin aiki, idan layin yana biyo yatsa a makare, kashe Show gesture trail bayan ka ƙware yakan rage nauyin. A cikin mota ko a-daidaita-sahu, inda girgiza take sa yatsa ya sauka a kan harafin maƙwabci, ja yakan fi jurewa a dogayen kalmomi, tunda yatsan yana manne da gilashi.

Mataki na shida: haɗa su, ka koya wa kibod kalmominka

Ba sai ka zaɓi ɗaya ba, kibod yana karɓar duka biyun a jimla guda ba tare da ka sauya komai ba. Ƙa'idar da nake ba mutane ita ce: kalma mai harafi biyar zuwa sama wadda kowa yake faɗi, a ja ta. Mai harafi biyu ko uku, a danna ta, musamman ba, na, ya da ta. Sunan mutum, sunan unguwa, lamba da adadin kuɗi, a danna su kuma a sake karantawa kafin a tura. Kalmar sirri dole dannawa ce.

Kalmomin da kake yawan rubutawa amma kibod bai san su ba, shiga Dictionary, sannan Personal dictionary, ka zaɓi Hausa, ka ƙara su da rubutunsu na daidai, har da lanƙwasa da alamar ɗauri. Fara da guda ashirin: sunayen 'yan gidanku, unguwarku, kayan sana'arka, da siffofin ɗafi irin su gidanmu da shagonsa. Idan kuma wata kalma marar amfani ta nace tana fitowa, wataƙila kuskure ne da ka taɓa turawa kibod ya koye shi, danne ta a layin shawarwari ka ja ta zuwa alamar kwandon shara.

Wajen gyara kuskuren da ke tsakiyar jimla, kada ka yi ta ƙoƙarin saka yatsa tsakanin haruffa. Zame yatsa hagu ko dama a kan maɓallin tazara, alamar rubutu za ta bi ka harafi-harafi. Idan kalmomi da yawa za ka share, ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa ka ja hagu, zai riƙa zaɓo su ɗaya-ɗaya, ka ɗaga idan ya kai inda kake so. Bayan mako biyu da wannan tsari, sake gwajin da saƙonnin nan biyu, a wannan karon ka ƙara zagaye na uku na haɗin ja da dannawa, ka kwatanta na tsakiyarsa da na sauran biyun.